Adaftar soket ko mesh, wanne zai kai intanet ɗakin ƙurya ba tare da yankewa ba?

"Salam Injiniya. Rautata tana falo, ɗakin da nake aiki kuma yana can ƙuryar gida, bango uku ne tsakani duk na kankare. Waifai yana zuwa amma sanda ɗaya ko biyu, in ina kiran bidiyo sai hoto ya tsaya cak. Kwamfutar tebur ce, so nake in sa mata kebul in huta. Gidan haya ne, mai gida bai yarda a huda bango ba. Wani ya ce in sayi adaftar nan da ake sokawa a soket mai AV1000, wani ya ce mesh. Layina megabit 100 ne. Wanne zan saya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka fitar da ko sisi akwai abu ɗaya da nake so ya zauna maka, don a nan ne yawancin mutane suke yin asara: kebul ɗin da zai fito daga adafta ko daga akwatin mesh, wato akwatunan waifai masu miƙa wa juna sigina, ya shiga bayan kwamfutarka, shi ba komai ba ne, mita ɗaya ko biyu ne kawai. Kwamfutar za ta nuna maka alamar waya, har ta rubuta maka 1 Gbps ka ji daɗi, amma wannan maganar tsakaninta da akwatin da ke gefenta ce. Ainihin tafiyar tana tsakanin akwatin ɗakinka da na falo, kuma a adaftar soket wayar wutar gidan ce hanyar, a mesh kuma iska ce, wato dai waifai ɗin nan da ka gudu daga gare shi ne ya sake riga. Saboda haka tambayar ba wanne ya fi kyau ba ce, tambayar ita ce a gidanka wanne ya fi lafiya, wayarin ɗin wuta ko hanyar iska. Kuma ana iya aunawa, ba sai an yi canki-canka ba.

Bari in fara da adaftar, don ita ce mutane ba su cika fahimta ba. Biyu ake sayarwa tare. Ɗaya ka soka a soket kusa da rauta ka haɗa ta da ramin LAN da guntun kebul, ɗaya ka soka a ɗakinka ka haɗa da kwamfuta. Abin da suke yi shi ne, wutar gida tana kaɗawa sau 50 ko 60 ne a sakan, su kuma sai su ɗora nasu saƙon a kan waya ɗaya ɗin amma can sama sosai, daga wajen megahaz 2 zuwa 30 a tsohon tsarin HomePlug AV na 2005, har zuwa megahaz 86 a AV2 da ya fito 2012. Matsalar ita ce wanda ya ja wayar wutar gidan bai taɓa tunanin intanet ba, ba a murɗe ta kamar kebul ɗin netwok ba, ba ta da kariya, ta rarrabu gida-gida, kuma duk abin da aka soka a gidan yana zuba mata nashi hayaniyar. To saƙon naka a cikin wannan kasuwar yake ƙoƙarin wucewa.

Shi ya sa lambar nan ta jikin kwali, AV600 ko AV1000 ko AV2000, kar ka ɗauke ta a matsayin alkawari. Lissafin ƙololuwa ne na abin da na'urar za ta iya a waya mai tsafta gajera, kafin a cire abin da gyaran kuskure da sarrafa layi suke ci, kuma hanyar ɗaya ce ake rabawa tsakanin aikawa da karɓa, ba a yin su lokaci guda. A aikin da na yi da hannuna, in na samu kashi ɗaya cikin uku na lambar da manhajar adaftar ta nuna a matsayin saurin gaske, ina cewa alhamdulillah. Akwai ma wani abin dariya, da yawa daga masu AV500 da AV600 ramin kebul ɗinsu 10/100 ne, wato ko wayar gidan ta zinare ce ba za ka wuce megabit 90 da 'yan kai ba. Kai da layinka 100 ne wannan ba zai dame ka sosai ba, amma duk da haka duba kwalin ka ga an rubuta Gigabit.

Abin da zai yanke hukunci a gidanka kuwa, na farko shi ne ina soket ɗin biyu suke haɗuwa. Ba nisan da ido yake gani ne nisan ba. Ɗakinka yana iya zama mita 20 daga falo, amma in kowanne yana kan burekarsa daban, dole saƙon ya tafi har akwatin rarraba wuta ya ratsa bureka ya sake dawowa ta wani layin, sai ka ga mita 20 ta koma 60. Suna rubuta mita 300 a kwali, eh, a miƙaƙƙiyar waya mai kyau. Gwajin mai sauƙi ne: ka soka fitila ko caja a soket ɗin biyu, ka je akwatin ka sauke bureka ɗaya-ɗaya, in bureka ɗaya ta kashe su tare to ka dace, layi ɗaya ne, adafta za ta yi maka aiki sosai. In daban-daban ne ba a fidda rai ba, sau da yawa yana yi, sai dai sauri ya ragu. Inda nake fara ɗaga gira shi ne gida mai fes uku, in falo yana fes ɗaya ɗakinka yana wani, saƙon yana tsallakawa ne kawai ta inda wayoyin suka jeru kusa da juna, wani gidan ya yi, wani gidan fitilar adaftar ta yi ta ja har ka gaji. Haka in akwai inbata a gidan kuma soket ɗaya yana bayanta ɗayan yana kan wutar layi kai tsaye, nan ma galibi ko dai su ƙi ganin juna ko su riƙa haɗuwa suna rabuwa. Kuma ka tuna, ko da rautarka tana da ƙaramin batir da ke riƙe ta in wuta ta ɗauke, adaftar ba ta da shi, wuta na tafiya ta tafi.

Na biyu, a bango ake soka ta, kai tsaye. Wannan na faɗa har bakina ya gaji. Ekistenshin mai kariyar tsawa, sitabilaiza, UPS, duk aikinsu shi ne tace duk wani abu da ba tsabtatacciyar wuta ba, su kuwa a wajensu saƙon intanet ɗinka datti ne, sai su tace shi su zubar. In soket ɗaya ne gare ka a wajen, nemi adafta mai soket a fuskarta, ka soka ta a bango sannan ka soka ekistenshin ɗin a jikinta, wannan soket ɗin na fuska yana da matata da ke rage hayaniyar kayan da ka jona. Sannan masu lamba 1200 zuwa sama yawancinsu suna amfani da wayoyi uku ne, har da wayar ƙasa wadda masu wayarin ke cewa at, don su aika saƙo ta hanya biyu lokaci guda. In gidan ba a ja wannan wayar ba, ko an ja amma ba a haɗa ta a bayan soket ba, wanda ba ƙaramin yawa ne da shi ba, to kuɗin da ka ƙara a kan babbar lamba ya tafi a banza.

Bari in ba ka wani aiki da na yi mai kama da naka sak, don ka ga yadda ake bin abin. Gidan mutumin bene ne, rauta a ƙasa, ofishinsa a sama ta baya, ya riga ya sayi AV1000 ya soka, kukansa shi ne da safe lafiya lau, da magariba ta yi sai kira ya fara kakkatsewa, har ya yi faɗa da kamfanin da ke ba shi intanet sau biyu alhali ba ruwansu. Abu na farko da na yi, ban buɗe shafin gwada sauri ba, don shi yana haɗa laifin gida da laifin waje ya ba ka lamba ɗaya, ba za ka san wa za ka kama ba. Na buɗe Command Prompt na Windows na buga `ipconfig` na ga lambar da ke gaban Default Gateway, ita ce rautar, sai na yi mata sallama sau ɗari biyu:

```
ping -n 200 192.168.0.1
```

Wannan bai fita daga gidan ba ko kaɗan, tsakanin kwamfuta da rauta ne kawai. In kebul ne zalla za ka ga ƙasa da milisakan 1. Adafta mai lafiya tana ba da 2 zuwa 5, kuma abin da ake kallo ba ƙanƙantar lambar ba ne kaɗai, a'a, zamanta wuri ɗaya. Da rana nashi yana 3, 4, 3, 3, ba ko ɗaya da ya ɓace. Da dare sai na ga 4, 5, 180, 6, 320, sannan `Request timed out`, a ƙarshe ya lissafa guda 9 sun ɓace cikin 200. To wannan shi ne hoton da ke tsayawa cak. Kiran bidiyo ba ya cin wani sauri mai yawa, 'yan megabit kaɗan sun ishe shi, abin da ba ya yafewa shi ne jinkiri mai tsalle-tsalle da ɓacewar saƙo. Mutum mai megabit 30 tsayayye ya fi mai 200 da ke rawa jin daɗin kira, nesa ba kusa ba.

Daga nan na auna saurin hanyar ita kanta da manhajar iperf3, kyauta ce. Laftof ɗaya na haɗa da rauta da kebul na buga na farko, a kwamfutar sama na buga na biyu da lambar laftof ɗin:

```
iperf3 -s
iperf3 -c 192.168.0.10 -t 30 -R
```

Da rana megabit 90 da wani abu, da dare ya faɗo wajen 20 yana hawa yana sauka. Manhajar adaftar ma, kowane kamfani yana da tashi, tana nuna lambar haɗin tsakanin biyun, ita ma daga sama da 300 ta zube ƙasa da 100. To me ke faruwa da magariba wanda ba ya faruwa da safe? Ana kunna fitilu, mutane sun dawo gida kowa ya soka caja. Sai na bar ping yana tafiya da `-t` a maimakon `-n 200` don kar ya tsaya, na ce wa yaronsa ya riƙa zare kaya ɗaya-ɗaya yana kira mini suna daga ƙasa. Firij ba shi ba ne, talabijin ba ita ba ce. Da ya zare wata cajar waya mara suna da ke soket na kusa da adaftar ƙasa, nan take lambobin suka kwanta kamar an zuba wa wuta ruwa. Saura kaɗan da ya rage kuma wani ƙwan LED ne mai araha a baranda. Muka jefar da cajar, muka canza ƙwan, da dare ya koma 70 zuwa 80 ba ɓacewa. Ka ga ba adaftar ce ta lalace ba, ba kuma kamfanin ba ne. Irin waɗannan cajojin da ƙwayayen suna yanka wuta ne dubban sau a sakan kuma don a rage kuɗi an cire musu matata, sai su yi ta fesa ƙara a daidai inda adafta take magana. Injin famfon ruwa, esi, injin wanki, madannin rage hasken fitila, su ma suna yi, amma su aƙalla kana jin lokacin da suka tashi.

Amma fa gaskiya ba kullum ake dacewa haka ba. Na shiga gidan da muka zare komai, muka canza soket huɗu, lambar ba ta wuce 40 ba, wayarin ɗin ne ya tsufa, haɗe-haɗe a cikin silin duk an murɗa da hannu an naɗe da salatif. Irin wannan ba saitin da zai gyara shi. Shi ya sa kullum nake cewa a sayi adafta a inda za a yarda ka mayar in ba ta yi ba, don ba wanda zai iya rantse maka daga nesa, har ni.

Yanzu mesh. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya ɗauki akwatin na biyu ya kai shi ɗakin da ba sigina ya ajiye. To shi ma ai kunne ne da shi irin na wayarka, abin da wayarka ta ji a wajen shi zai ji, ɗan fin ta kaɗan saboda eriyarsa ta fi girma. Sanda ɗaya zai karɓa, sannan ya watsa maka sanda cike, kai kana murna alhali bututun da ke ciyar da shi tsinke ne. Bango uku na kankare mai rodi a ciki kuwa, waifai na zangon 5 GHz da wuya ya fita da rai, sai akwatin ya koma 2.4 GHz wanda ya fi ratsa bango amma ya fi cunkoso, duk rautocin maƙwabta suna kai, ga bulutut ga obin ɗin ɗumama abinci. Ka saukar da manhajar auna waifai a wayarka, kowacce ma, ka duba lambar dBm ta 5 GHz, wato ƙarfin sigina, kana tafiya daga falo zuwa ɗakin. Lambar mai alamar ragi ce, wadda ta fi kusa da sifili ta fi kyau: -50 garau, -65 ba laifi, in ta kai -75 ka manta. Inda ka ga ta fara wuce -65, nan ne iyakar inda akwatin zai zauna, ba gaba ba.

To in iyakar ta faɗo a korido, kai kuma kebul kake so a ɗaki, ya za a yi? Nan ne dabarar da na fi so take, kuma ban cika ganin ana faɗarta ba. Ka ajiye akwatin a koridon, a sama ba a ƙasa ba, sannan ka ja kebul mita 10 ko 15 daga raminsa na LAN ya bi gefen bango ya shiga ta ƙarƙashin ƙofa zuwa kwamfutarka. Iska ta ɗauki rabin tafiyar mai sauƙi, waya ta ɗauki bangon da ya gagara. Kuma maganar da ake yi cewa ekistenda, wato akwatin da ke maimaita waifai, tana raba sauri biyu, gaskiya ce, amma ga wanda ya kama ta ta waifai ne, don rediyo ɗaya ne yake saurare sannan ya maimaita. Kai da ka shiga ta kebul, rediyon aiki ɗaya kawai yake yi, magana da falo, ba a raba maka komai ba. Inda rabin zai dawo shi ne in ka jera akwati uku, na ɗaki yana kama na korido, na korido yana kama na falo, sai dai in ka sayi masu rediyo uku da ake rubuta wa Tri-band, waɗanda suke iya ware guda don hira tsakaninsu. Ko a hakan dai iska iska ce, ping ɗinka zai riƙa ɗan tsalle in wani ya fara saukar da babban abu a gidan ko maƙwabci ya hau tasharku.

Akwai kuma abin da zan faɗa ko da ba ka tambaya ba, don in na yi shiru na cuce ka. Ka tabbata sai an huda bango kafin kebul ya kai? Cat5e ko Cat6 yana ɗaukar gigabit har mita 100 ba tare da komai a tsakani ba, ba ruwansa da caja ba ruwansa da bango. Akwai shimfiɗaɗɗe mai faɗi kamar zare da ke wucewa ƙarƙashin ƙofa, ana bin gindin bango da shi da 'yan maƙalai masu gam, ranar da za ka tashi ka naɗe abinka, mai gida ba zai ga ko tabo ba. Sau da yawa in mutum ya ce ba hanya, da na zo na zagaya sai mu samu hanya ta saman ƙofofi. Ka dai duba kar a ba ka mai CCA, alminiyon ne aka shafa wa tagulla, yana karyewa a lanƙwasa. In kuma gidan yana da tsohuwar wayar eriyar talabijin da ta shiga ɗakunan biyu ba a amfani da ita, akwai adaftar MoCA da ke bi ta cikinta, ta fi ta soket tsayuwa sosai, sai dai ba a haɗa ta a waya ɗaya da dish don suna takun juna.

A naka gidan, in da ni ne, zan fara ɗaukar igiya in auna hanyar shimfiɗaɗɗen kebul. In da gaske ba ta yiwuwa, to da bango uku na kankare adaftar soket zan fara gwadawa kafin mesh, bayan na yi gwajin burekar nan. Ka sayi biyun iri ɗaya, don akwai wani tsarin daban mai suna G.hn wanda ba ya jin yaren HomePlug sam, in ka gauraya ba za su ga juna ba, har ma su riƙa damun juna a waya. Ka fara soka su a ɗaki ɗaya, ka danna Pair a ta farko sannan a ta biyu cikin minti biyu. Kar ka tsallake wannan ko da sun haɗu da kansu, don daga masana'anta duk da makulli iri ɗaya suke fitowa, kuma mitar wuta ba katanga ce tabbatacciya ba, a gidan haya mai ɗakuna da yawa adaftar maƙwabci tana iya faɗawa cikin taka netwok ɗin. Dannawar ce ke sa su ƙirƙiri nasu makullin AES na sirri. Bayan nan ka kai ta biyun ɗaki, ka yi ping sau 200 da safe, ka sake da dare lokacin da kowa yana gida komai a kunne, na daren ne gaskiya. In ba ɓacewa kuma lambar tana zaune ƙasa da 10, ka riƙe ta ko da saurin 50 ne kawai. In tana tsalle, yi farautar caja da ƙwai irin wadda na ba ka labari, ka gwada wani soket a ɗakin, wani lokaci na ɗaya bangon yana kan wani layin daban. In duk ba ta yi ba ka mayar, ka koma akwati a korido da guntun kebul.

Wani ɗan abu da ke rikita mutane bayan komai ya zauna: in ka ga kwamfuta ta yi barci ta farka intanet ya ƙi dawowa sai ka zare adaftar ka mayar, ba lalacewa ta yi ba, tsarin tanadin wuta ne yake sa ta barci ita ma ta kasa tashi. Shiga manhajarta ka nemi Power Saving Mode ka kashe shi a duka biyun. Kuma in intanet ɗinku ta layin tarho na VDSL yake shigowa ka gaya mini, don shi da adaftar suna amfani da zango ɗaya a wani ɓangare, akwai saitin da ake kunnawa don kar su danne juna. Turo mini layuka huɗun ƙarshe na ping ɗin daren, inda aka rubuta Lost da Maximum, daga nan zan gaya maka ko wayarin ne ko wani abu ne aka soka.